Jerin kanun furojet ɗina ya ƙi zama 1, 1.1, 1.1.1

Ummin Hanifa: Salamu alaikum. Na rubuta kanun furojet ɗina a Notepad, layi 60. Babban kai yana gefe, na ƙarƙashinsa na tura shi da sifes huɗu, na can ƙasa takwas. Malami ya ce sai an sa lamba matakai-matakai a Word. Mai shagon kwamfuta ya ce ₦3,000. In biya ko zan iya? Litinin zan miƙa.

Ɗan Fagge: Danna Numbering kawai, Hajiya.

Ummin Hanifa: Na danna, ya jero min lambobi a mataki ɗaya.

Malam Na-Ofis: Multilevel List za ki danna, yana kusa da Numbering. Amma fara da Ctrl+Shift+8 ki ga abin da ke ɓoye: sifes ɗigo ne, Tab kibiya. Word ba ya ɗaukar ɗigon nan a matsayin mataki. Danna Ctrl+H, sifes huɗu a akwatin sama, `^t` a na ƙasa, Replace All. Mai takwas zai samu kibiya biyu. Sannan ki zaɓe duka ki sa jerin. Layin da ya kauce, kai alamar rubutu farkonsa, Tab ya tura shi ciki, Shift+Tab ya dawo da shi.

Baban Walid: Kada ki kai wa kowa! Ni ₦5,000 na biya, yaron ya buga lambobin da hannu. Malami ya cire 2.3, sai ga 2.4 zaune daram bai koma 2.3 ba, har ƙarshen babin. Kwana na yi ina gyara ɗaya bayan ɗaya. Na koma shagon, ya ce sabon aiki ne, sabon kuɗi. Wallahi har yau abin yana ci na.

Ɗan Fagge: ₦5,000? A unguwarmu ₦800 ne. Kayan lefe ya jera maka?

'Yar Zariya: Malam, Tab ɗin nan bai yi min ba, fili kawai yake buɗewa.

Malam Na-Ofis: Yi Alt+Shift da kibiyar dama.

Baban Walid: Malam, da girmanka, ofis daban, furojet daban. Wanda abin ya ci shi ya san zafinsa.

'Yar Zariya: Ai shi ya kawo mafita, kai kuka ka kawo. Amma Malam, in tana son Table of Contents ya fito da kansa fa? Ai sai ta zaɓi jerin da aka haɗa da Heading 1.

Ummin Hanifa: Na yi yadda Malam Na-Ofis ya ce. Layi huɗu sun ƙi, ashe sifes uku na sa musu, na gyara da hannu. Sai dai yanzu malamin ya turo saƙo wai babi ya zama CHAPTER ONE, ƙananan kuma su tsaya 1.1.

Baban Walid: Haka suke! Nawa sau uku yana sauya tsari, kuma kowane karo sai na sake firintin shafi 70 da kuɗina.