Baƙo a Damagaram: ta ina ake samun abokai?

Wani ma'aikaci da aka turo Zinder daga Maraɗi ya koka da kaɗaici, mazauna gari suka ba shi shawara. Yawancinsu fada suka nuna masa, wato majalisar hira da shan shayi ta unguwa. Suka ce ya zaɓi ɗaya kusa da gidansa, ya riƙa yin sallama bayan la'asar, in an miƙo shayi ya karɓa. In ya fara sabawa, wata rana ya kawo sukari ko gawayi. Amma ya fara saurare, don wata fadar hira ce kawai, wata kuwa ta 'yan jam'iyya ce, baƙo ya zauna sai a lissafa shi cikinsu.

Wani dattijo ya ce jana'izar unguwa ta fi shayi: wanda ya je gaisuwa ba a manta fuskarsa. Ni ma nan na fi karkata.