Abin da aka tattauna kan canza riga a hoto

Ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu ta masu hoto a Zangon Kumasi, kan yadda ake rubuta wa na'urar AI mai gyaran hoto umarnin canza riga:

1. Fara da canjin, guda ɗaya tak: "Mayar da farar rigar nan shuɗiyar shadda, mai dogon hannu."
2. Sannan lissafa abin da ba za a taɓa ba: fuska, tsayuwa, hannaye, hula, bangon baya, haske. Kowa ya yarda da wannan, domin abin da ba ka ambata ba, na'urar tana iya sake zana shi.
3. An rabu kan kwatanta fuska. Wasu na yi, wasu sun ce kalmomi kamar "kyakkyawa" ke sa a gyara fuskar har ta zama ta wani. Ni ina tare da na biyun. Na ga gemun kawuna ya ɓace ta haka.

Bayan an gama, duba wuya da bakin hannun riga, nan ake fara ganin ɓarna.