Me za mu kira albashin da ya rage bayan haraji da fansho?

Malama Rabi: Jama'a, ina rubuta wa ɗalibai darasin lissafin albashi, kuma ina neman kalmomin da za su tsaya a madadin `gross pay` da `net pay` da ake gani a takardar albashi. Na sa "gundarin albashi" da "tsabar albashi", amma raina bai kwanta ba.

Malam Habibu: Malama, gundari shi ne albashi kafin a ɗora alawus, alhali abin da kike nufi ya haɗa da alawus ɗin, don haka "jimillar albashi" ta fi dacewa. Tsaba kuwa za ta kai hankalin mai karatu ga kuɗin hannu, saɓanin na banki. Sannan adadi uku ne ke buƙatar suna, domin a tsarin da ake cire fansho kafin haraji akwai na tsakiya. A ɗauka jimilla 200,000 ce, fansho kashi 8 cikin ɗari, haraji kashi 10. Fansho ya ci 16,000, saura 184,000, kuma a kan wannan saura ake yanka haraji, wato 18,400, ma'aikaci ya tashi da 165,600.

Sanusi: Ni a ganina "cikakken albashi" da "ragowar albashi" sun wadatar. Lissafin ma ai a haɗa 8 da 10 ne, a cire kashi 18 gaba ɗaya.

Malam Habibu: Idan ka yi haka 164,000 za ka samu, ka ga an yi wa ma'aikaci ƙwange na 1,600, wanda shi ne harajin kuɗin fanshon da bai kamata a taɓa ba. Hanyarka tana yin daidai ne kawai inda doka ta ce a yanki duka biyun daga jimilla. Game da "cikakke", ma'aikata sun saba faɗinsa a matsayin kishiyar rabin albashi, "ragowa" kuma ta fi kama da abin da ya saura bayan an yi cefane. Na fi son "albashin haraji" ga 184,000, da "tataccen albashi" ga 165,600.

Hajiya Asabe: To ni ana cire mini bashin da na ci a wurin aiki kowane wata, abin da ke shiga asusuna bai kai abin da wannan lissafi ya bayar ba. Wanne ne tataccen a ciki?

Malama Rabi: Na karɓi "jimillar albashi" da "albashin haraji". Tambayar Hajiya ce ta tsayar da ni, domin darasina bai wuce haraji da fansho ba, amma a takardar albashi layin ƙarshe yana zuwa ne bayan an zare komai, har da bashi. Ko a bar "tatacce" ga na farko, a kira na biyu "albashin aljihu"?

Sanusi: Na aljihun nan shi mutane za su riƙe, Malama, kuma duka biyun za su riƙa kira da shi.