Bashin kwastoma ɗaya ya maƙale: in goge shi ko in ware tanadi?

Aminu:
Assalamu alaikum. Ni ke riƙe wa kawuna littafi a shagonsa na sari, shinkafa da taliya, a Kasuwar Singa. Wani kwastoma da mahaifinsa ma abokin cinikin Kawu ne, har bikin ƙanwata ya zo, ya ɗauki kayan naira miliyan 2.4 a Nuwambar bara, ya biya dubu 600, tun daga nan wayarsa a kashe. Ga shi za mu rufe lissafin bana. Ina so in goge miliyan 1.8 ɗin in huta, amma akantan da ke duba mana ya ce sai dai mu riƙa ware tanadin bashin da ake shakka. Barci ya gagare ni. Wanne zan bi?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Kada ka goge, Aminu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma dukiyar kawunka ce, ba kai ke da ikon yafewa ba. Ko mutuwa mutumin ya yi, sai an biya bashi kafin a raba gado.

Hajiya Binta:
Malam Sani, gogewa a littafi daban, yafewa daban. Ko an goge ana ci gaba da binsa. Aminu, nawa kuke bin mutane gaba ɗaya, nawa ce ribar bana, kuma Kawu shi kaɗai ke da kuɗin?

Aminu:
Miliyan 30 har da nasa, Hajiya. Riba kusan miliyan 5. Akwai wani Alhaji da ya zuba kuɗi, ana raba riba da shi duk ƙarshen shekara.

Hajiya Binta:
To, ai da wannan ya kamata ka fara. Bara kuka sayar da kayan, bara kuka ƙirga ribarsu, kuka raba da Alhaji. In ka goge yau, asarar duka ta faɗa kan bana, alhali cinikin na bara ne. Illar gogewa kai tsaye ke nan: shekara ɗaya ta kumbura, mai bi mata ta rame, kuma kafin a goge littafi yana nuna kuɗin da ba zai shigo ba.

Ga yadda zan yi. Cire miliyan 1.8, saura miliyan 28.2. Raba su bisa daɗewa. A ce miliyan 20 ba su kai wata ba, ka ware 1 cikin 100, dubu 200. Miliyan 6 suna tsakanin wata ɗaya da uku, 5 cikin 100, dubu 300. Miliyan 2.2 sun haura wata uku, kashi 25, dubu 550. Tanadinka ya zama miliyan 1 da dubu 50. Waɗannan kason misali ne. Naka za ka samo daga littattafan shekarun baya, ka ga nawa ne bai taɓa dawowa ba a kowane rukuni. Baɗi in wani ya gudu da dubu 400, daga tanadin za ka zare, riba ba za ta girgiza ba, sai dai ka cike giɓin a ƙarshen shekara.

Aminu:
Hajiya, wato ribar bana ta dawo miliyan 2 da dubu 150? Kawu zai ce na ƙirƙiro asara. Sauran mutanen nan suna biya, mun san gidajensu. Kuma ina zan samo miliyan ɗaya in ajiye?

Hajiya Binta:
Ba kuɗi ake ɗauka a kai banki ba, rubutu ne kawai da ke rage abin da za ku raba. Shi ma wancan ai kun san gidansa.

Maman Khalifa:
Ni atamfa nake bayarwa bashi. Wata ta shekara biyu tana ce min gobe, na gan ta a biki da sabon leshi, wai ni ce ba ni da haƙuri. Na daina ba kowa bashi, na huta.

Usman:
Ni ban yarda a goge tukuna ba. Waya a kashe ba hujja ba ce. Kun je shagonsa? Kun aika masa takarda? Kun kai maganar wajen shugabannin kasuwa? A ware masa tanadi na dukan miliyan 1.8 da sunansa, bashin ya zauna a littafi, don da zarar an goge yaran shago sun daina bi. Sannan masu haraji ba sa karɓar tanadin jimla irin na Hajiya a rage riba. Bashin da ka nuna hujjar mutuwarsa suke duba. Kuma in ya biya daga baya, kuɗin shiga ne, dole ka rubuta.

Hajiya Binta:
Gaskiyarka kan haraji, shi ya sa ake gyara lissafin haraji daban. Amma littafin da za a raba riba da shi ba don masu haraji ake rubuta shi ba. Bashin da ya shekara babu ko sisi, ni goge shi nake yi.

Aminu:
Takarda kam ba mu aika ba, Kawu ya ce da kunya saboda mahaifinsa. Ni dai har yanzu ina ganin gogewar ta fi sauƙin bayani. Amma Alhaji fa, shi da ya riga ya karɓi rabonsa na bara, asarar nan da shi ko ban da shi?