Man tuya ya kama wuta, na watsa ruwa sai ta ƙara tashi, me ya sa?

Mai tuyar ƙosai: Salamu alaikum yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ina tuya a bakin titi nan Sabon Gari, jiya da safe na bar kasko bisa wuta ina ba wani canji, mai ya yi ta hayaƙi sai kawai ya kama. Na watsa mai ruwa kofi guda wallahi wutar ta tashi sama har ta lashi rumfa, sai da mai shayi na kusa da ni ya kifa tire bisa kaskon sannan ta mutu. Ba ruwa ke kashe wuta ba? To in ta sake faruwa me zan yi?

Ɗan kabu-kabu: Subhanallahi, Allah ya tsare gaba hajiya. Ruwan ne ya yi kaɗan, da bokiti guda kika juye da ta mutu nan take.

Tsohon sojan kashe gobara: A'a ɗana, don Allah kar ka sake ba kowa wannan shawara, bokiti guda da yanzu a asibiti muke gaishe ta. Ƙanwata sannu, Allah ya kiyaye. Wuta kamar tukunya ce bisa duwatsun murhu uku: akwai abin da take ci, akwai iska, akwai zafi. Ki janye ɗaya ta faɗi. Amma kowace wuta da wanda ya fi sauƙin janyewa, kuma a nan ne mutane ke kuskure.

Abin da ke ci a kaskonki tururin da ke tashi daga man ne in ya yi zafi sosai, shi man yana kwance a ƙasa yana ciyar da shi. Ana tuya a wajen digiri 180, in ya fara hayaƙi to ya wuce wurin, in ya haura 300 tururin nan yana iya kamawa. Shi kuwa ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma ya fi mai nauyi. To kin watsa shi, ya nutse ƙasan man da ya ninka zafin tafasarsa sau uku, nan take ya zama tururi. Litar ruwa guda tana zama tururi kusan lita 1,700, wato ya fi tano 8. Kofinki ɗin nan da ya kumbura a ƙasa sai ya yi cilli da man sama ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ya samu iska ta ko'ina, duk suka kama tare. Abin da ya lashi rumfarki ke nan.

Mai shayi kuma iska ya toshe. Oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iskar da muke shaƙa, harshen wuta kuma ba ya rayuwa in ya sauka ƙasa da wajen kashi 15. Da ya kifa tire, wutar ta cinye ɗan abin da ya rage a ciki cikin daƙiƙu kaɗan ta shaƙe.

Mai tuyar ƙosai: Ikon Allah. Baba to ai da na ɗaga tiren in duba sai na ga ta sake yin bal, mai shayi ya yi min tsawa na mayar. Na ɗauka ma ba ta mutu ba ne tun farko.

Tsohon sojan kashe gobara: Ta mutu, ke kika tashe ta. Tire ya hana iska amma bai rage zafi ba, man yana nan da zafinsa tururi ya cika ciki, kina ɗagawa iska ta shiga abu uku suka sake haɗuwa. Don haka in ta sake faruwa, Allah ya sawwaƙe, ga yadda za ki yi. Ki ɗauki marfin ƙarfe ko tire da ya fi bakin kaskon faɗi, ki riƙe shi a gabanki ya kare miki fuska da hannu, ki zura shi daga gefe ya rufe, kar ki jefa daga sama. Sai ki kashe wutar ƙasa, in gaz ne ki rufe kan butel, in itace ne ki janye itacen ki turbuɗe shi cikin ƙasa. Daga nan ki bar shi aƙalla rabin awa ba ki taɓa ba. Kuma kar ki ɗauki kaskon wai za ki kai shi nesa, man da ke ci in ya zube a zane ko a ƙafa ya fi wutar kaskon muni. In ta riga ta kama rumfa ko zana, ki janye yara ki kira sojojin kashe gobara a lamba 18.

Ni abin da na fi so ma ki riƙe shi ne hayaƙin. Mai ba ya kamawa sai ya yi gargaɗi, in kika ga hayaƙi mai kauri yana tashi yana yaji a ido ki rage wuta tun lokacin, ko da mutum goma na tsaye da kuɗinsu.

Uwar gida daga Birni: Mu dai a gidanmu tsumma ake jiƙawa a rufa, haka na ga kakata tana yi kuma yana kashewa. Wasu kuma sun ce a watsa gari.

Malamin kimiyya a sakandare: Gari kam a'a yaya, ko na alkama ko na masara. Gari abinci ne ga wuta, in ya watsu a iska ƙurarsa na kamawa gaba ɗaya. Tsumman dai yana aiki don shi ma iska yake toshewa, in an matse shi sosai ba ya ɗiga.

Tsohon sojan kashe gobara: Malam ni tsumman nan ban cika son sa ba. Mutum a firgice ba ya tsayawa matsewa, ga shi in ya lotsa ya taɓa man ko ya ja kaskon ya kife an shiga uku. In ba marfi kusa to babu yadda za a yi, amma mai tuya kullum ta ajiye tire a gefenta, ya fi.

Uwar gida daga Birni: To baba, amma ni dai ban taɓa ganin ya ba mu matsala ba.

Ɗan kabu-kabu: Na karɓi gyara baba. To mu masu shan esans na kwalba a bakin hanya fa, in ya zube ya kama shi ma ba a sa ruwa?

Malamin kimiyya a sakandare: Ba a sawa, amma dalilin daban ne. Esans ba ya jiran a ɗumama shi, ko a sanyin hunturu yana fitar da tururin da zai kama, don haka sanyaya shi da ruwa ba ya hana komai. Kuma yana yawo ne a saman ruwa, ruwan ya ɗauke shi da wutarsa ya kai ƙarƙashin wani moto. Rairayi ake zubawa mai yawa ya binne shi, shi ya sa ake ajiye bokitin rairayi a gidajen mai. Ruwa aikinsa a itace ne da zana da katifa da kara, can yana jiƙa su ya kwashe zafin har tururin da ke ci ya daina fita. In kuma kuran ne ya haddasa, a fara kashe konta kafin a taɓa ruwa.

Wani daga Tanut: Mu nan wutar daji ce ke damunmu in ciyawa ta bushe bayan damina, ba ruwa ba marfi. Hanya ake sharewa mai faɗi a cire ciyawar kakaf, wuta in ta iso ba ta samu abin ci ba sai ta tsaya, sai dai in iska mai ƙarfi ta tsallakar da tartsatsi.

Mai tuyar ƙosai: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, yau zan shiga Kasuwar Dole in nemi tire babba. Baba saura tambaya guda, man da ya kama ɗin ya yi baƙi yana wari, in na tace zan iya tuya da shi?

Tsohon sojan kashe gobara: Ki haƙura da shi ƙanwata. Man da ya ƙone yana saurin hayaƙi fiye da sabo, ga ɗaci zai sa miki a ƙosai.