Na gama wata 240 a jadawali, amma bashin gidan bai sauka sifili ba

Rabi'atu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa jadawalin biyan bashin gida a Excel: bashi 10,000,000, ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, wata 240. Bashin yana B1, ruwa B2, watanni B3, biyan wata B4, wanda ya ba ni 110,108.61. Watan farko yana layi na 7: A wata, B ragowar farkon wata, C biya, D kuɗin ruwa, E uwar kuɗi, F ragowar ƙarshen wata. A F246 sai na ga saura kusan 190,750 maimakon sifili. Ta ina zan fara nema?

Lawal: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina jin taƙaita lambobi ne. Idan kin sa `ROUND` a biyan wata, 'yan ɓurɓushin da ake yankewa sukan taru, layin ƙarshe ba ya cika sifili daidai. Ki rage biyan watan ƙarshe ko ki ƙara shi, shi ke nan.

Malam Sa'idu: Lawal, abin da ka faɗa yana faruwa, amma ba zai kai nan ba. Idan aka taƙaita biya zuwa lamba biyu bayan ɗigo, mafi yawan abin da za a yanke a wata 0.005 ne. Ko ya haihu da ruwa tsawon wata 240 ba zai wuce 5 ba. Ƙara da na kuɗin ruwa, a ce 10. Don Allah Hajiya kada ki taɓa watan ƙarshe, za ki binne kuskuren ne kawai.

Biyan watanki daidai yake, na gwada. Yanzu mu gano ko matsalar tana D ko tana F. A wani gurbi da babu komai rubuta:

```
=SUM(E7:E246)+F246
```

Idan ya ba ki 10,000,000, to ragowar tana sauka daidai da uwar kuɗin da ake cirewa, zargi ya koma kan kuɗin ruwa. Sannan ki duba wata biyu na farko da hannu. Wata na 1 ruwa 100,000, uwar kuɗi 10,108.61, saura 9,989,891.39. Wata na 2 ruwa 99,898.91.

Rabi'atu: Malam, ya ba ni 10,000,000 cif, kuma wata biyun sun yi daidai da naka. Na ma bi har wata na 20 da ido ban ga komai ba.

Malam Sa'idu: Madalla, ai mun rage rabin aiki. Ido ba zai kama shi ba, domin lambobin duk suna sauka a hankali kamar na gaske. Ki sa Excel ya lissafa ruwan kowane wata ta wata hanyar da ba ta dogara da teburinki ba, sai a gwama. A G7 ki sa wannan ki ja shi har layi na 246:

```
=ROUND(D7+IPMT($B$2/12,A7,$B$3,$B$1),2)
```

Alamar tarawa ce a tsakiya saboda `IPMT` yana fitar da amsarsa da alamar ragi. Duk layin da yake lafiya zai nuna 0. Ki gangara har ki iske layin farko da ba sifili ba, ki tsaya nan. Waɗanda ke ƙasansa duk za su nuna bambanci ko da fomularsu lafiya lau take, tun da sun gaji ragowa gurɓatacciya daga sama. Na farkon shi ne mai laifi.

Bilkisu: Ni ma haka ta same ni da jadawalin da bankinmu ya ba ni, tun watan farko ba mu daidaita ba. Na kwana biyu ina neman kuskure a fomulata, ashe su da kwanaki suke lissafi, ba da raba shekara gida 12 ba. A bashi irin naki, wata mai kwana 31 ruwansa zai zama 101,917.81 idan an raba da 365. Anya ba wannan ba ne?

Malam Sa'idu: Naki daban ne Bilkisu. Ke jadawali biyu ne suka saɓa, ita kuwa nata ne ya saɓa wa kansa. Amma ki riƙe maganar, za ta yi amfani in an jima.

Rabi'atu: Na same shi! Sifili ne har layi na 66, sai G67 ya nuna 181.82. Da na duba D66 da D67, wata na 60 da na 61, dukansu 91,926.15 ne, lamba ɗaya sak. Na danna D67 na ga wannan:

```
=B66*$B$2/12
```

Yanzu na tuna. Shekara biyar na fara haɗawa, daga baya na zo ƙarasawa sai na rubuta fomular layi na 67 da hannu, ashe na danna gurbin sama, na kuma ja ta har ƙasa.

Malam Sa'idu: To ga shi nan. Daga wata na 61 ana lissafa miki ruwa a kan ragowar watan da ya wuce, wadda ba a riga an cire mata uwar kuɗin wancan watan ba. Ragowar farkon wata na 61 ita ce 9,174,432.88, ruwanta 91,744.33. Abin da ya ƙaru 181.82 ne kacal, shi ya sa ba wanda zai lura. Amma kowane wata yana maimaituwa, yana girma yayin da uwar kuɗin da ake cirewa a wata ke girma, kuma duk abin da ruwa ya ci fiye da ƙima an rage shi ne daga uwar kuɗi, shi ma sai ya haifi nasa ruwan. Wata 180 a haka ya kai ki 190,750.

Kwafi D7 ki liƙa a kan D8 zuwa D246 gaba ɗaya, kada ki gyara gurbi ɗaya-ɗaya. Bayan nan kada ki saki jiki tukuna, kuskuren farko yakan rufe na biyu. Gwada F ita ma, a H7:

```
=ROUND(F7+FV($B$2/12,A7,-$B$4,$B$1),2)
```

Abu biyu kuma nake yi wa kowane jadawali da aka kawo mini. Nakan zaɓi D7 zuwa F246, in danna `F5`, `Special`, `Constants`. Duk gurbin da ya haskaka, wani ya rubuta lamba da hannu a kan fomula. Sai kuma in shiga `File`, `Options`, `Formulas` in kunna `R1C1 reference style`, in nuna fomuloli da `Show Formulas`. A wannan salon fomular da aka ja ƙasa kamanni ɗaya take a kowane layi. Taki mai kyau za ta fito `=RC[-2]*R2C2/12`, mai kuskuren kuwa da `R[-1]` a gabanta, ko daga nesa za ki hango ta.

Lawal: Na karɓi gyara Malam. Amma ni wani lokaci nakan biya ƙari a kan na wata, ruwan namu ma yakan canza. Wannan gwajin zai yi mini?

Malam Sa'idu: A'a, `IPMT` da `FV` suna ɗauka biya ɗaya ne, ruwa ɗaya, daga farko har ƙarshe. Daga watan da ka biya ƙari za su riƙa nuna bambanci alhali babu kuskure. Kai sai ka ware ginshiƙi na ruwan kowane wata, ka gwada kowane layi da kansa: ruwansa da ragowar farkon watansa, sannan farkon watansa da ƙarshen watan da ya gabata.

Rabi'atu: Alhamdu lillahi, F246 ya zama sifili, G da H duk sifili. Allah ya saka da alheri. Sai dai na ɗauko takardar mai ba da bashin, ruwan watan farko a wurinsu ya ɗan fi 100,000.

Bilkisu: Ka ji ko! Duba ranar da aka saki kuɗin da ranar biyan farko, ki ƙirga kwanakin tsakani.

Malam Sa'idu: Zai iya zama kwanaki, zai iya zama inshora ko wani caji aka cusa cikin biyan. Ba zan yanke ba sai an ga yarjejeniyar. Nemo sakin da ya faɗi yadda ake lissafa ruwa, ko da 365 ne ko da 360, ki kawo mana lambar da suka rubuta a watan farko da na biyu.