Rahoton shekara zuwa shafi ɗaya don oga: ku da kuka taɓa yi, ya kuka yi?

Maman 'Yan Biyu: Salam 'yan uwa. Manajanmu na sashen sayayya ya miƙo min rahoton shekara na wani kamfani da muke sayen kaya a wajensu, wai in matse masa bayanin shugabannin kamfanin da sashen haɗurra a shafi ɗaya tak kafin mitin. Shi ba akanta ba ne, injiniya ne, da ya ga tebur cike da lambobi yake ture takarda. Sassan biyu sun haura shafi sittin. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan don Allah me kuka ɗauka me kuka zubar?

Ɗan Autan Ofis: Hajiya ai mai sauƙi ne, ni nake rubuta mana na mitin ɗin manajoji duk wata, ki sa waɗanda suka halarta da abin da aka yanke da wanda zai aiwatar, shikenan

Tsohon Odita: Ɗan Auta ba rahoton mitin take nufi ba. Sashen da shugabanni ke bayanin yadda shekara ta kasance ne, idan kamfanin na Amurka ne a fom 10-K za a gan shi a Item 7 da sunan MD&A, haɗurra kuma suna Item 1A. Hajiya kafin ki buɗe ki tambayi ogan shawarar me zai yanke da takardar. Tunda mai kawo muku kaya ne, damuwarsa ita ce za su ci gaba da kawowa, kuma za su ƙara farashi ko a'a. Ribar kowane hannun jari ba ruwansa da ita, ki zubar.

Bari in ba ki wanda na yi. Shugabannin sun buɗe da cewa ciniki ya ƙaru da kashi 12, daga miliyan 500 zuwa 560 a kuɗinsu, kuma gaskiya ne ba ƙarya suka yi ba. Amma can gaba inda suka warware ƙarin miliyan 60 ɗin sai ga shi 40 daga wani ƙaramin kamfani ne da suka saya a tsakiyar shekara, 35 daga ƙarin farashi, yawan kayan da suka sayar kuwa raguwa ya yi har ya ci musu 15. Abin da na rubuta wa manajan jimla biyu ce: cinikinsu ya ƙaru ne saboda sun sayi kamfani kuma sun tsauwala farashi, kayan da ke fita kuwa sun ragu da kusan kashi 3. Da na bar masa kashi 12 ɗin nan tsurarsa da ya shiga mitin yana zaton kasuwarsu na ci.

Sai na leƙa bashin da suke bin kwastomomi, ya tashi daga miliyan 75 zuwa 120. Ki raba da cinikin shekara ki ninka da 365, zai ba ki kwana 55 bara, bana 78. Na rubuta masa cewa bara kuɗinsu na dawowa cikin wata biyu ba kaɗan, bana sai ya haura wata biyu da rabi.

Mai Lissafi: Malam a gafarce ni, wannan 78 ɗin akwai gyara. Tunda an sayi kamfanin a tsakiyar shekara, duk bashin da yake bi ya shigo lissafin ƙarshen shekara amma cinikinsa na rabin shekara kawai aka ƙirga, dole kwanakin su kumbura. Ni a irin haka lambar nake bari amma in rubuta a gefenta cewa wani ɓangare na hauhawar daga sayen ne.

Tsohon Odita: Haka ne, amma kamfanin da cinikinsa na wata shida miliyan 40 ne da wuya shi kaɗai ya zo da ƙarin bashin 45, sai in kwastomominsa sam ba sa biya, wanda shi ma labari ne.

Baban Walid: Ni a haɗurra guda biyar na farko nake kwafowa in wuce, ai mafi girma suke fara jerawa. Kuma tun 2020 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ce idan sashen ya wuce shafi 15 dole kamfani ya sa taƙaitawa da ba ta wuce shafi biyu ba, to an riga an yi maka aikin

Anti Akanta: Baban Walid maganar shafi 15 haka take, amma taƙaitawar nan kanun haɗurran ne kawai aka jera kuma lauyoyi ne suka tace ta, sannan ba kowane kamfani ke jerawa bisa girma ba, da yawa rukuni-rukuni suke yi. Ni abin da ya fi min aiki shi ne in sauko da rahoton bara in haɗa sashen da na bana a Word da Compare. Yawanci za ki ga kusan duk maimaici ne, gasa, kutsen intanet, canjin kuɗi, sauyin doka, abin da kowane kamfani zai rubuta. Inda launi ya fito nan ne aikinki. Wanda na yi, bara sun ce sun dogara da manyan kwastomomi kaɗan, bana sun ƙara rabin jimla cewa kwantiragin mafi girmansu zai ƙare a shekara mai zuwa kuma ana tattaunawa. Na bi bayanan da ke bayan lissafin, inda ƙa'idar IFRS 8 ta sa a bayyana duk kwastoman da ya kai kashi 10 na ciniki, na tarar guda ɗaya ne ke riƙe da kashi 22. Wannan rabin jimlar ita ta zama layin farko a takardata.

Kuma ki kula da haɗarin da aka rubuta kamar abin da zai iya faruwa nan gaba alhali ya riga ya faru. A haɗurra za su ce tsadar kayan sarrafawa tana iya taɓa riba, ki koma bayanin shugabanni ki ga ribar ta riga ta zube. Ni sai in rubuta wa oga cewa ya faru, ga nawa ya ci.

Mai Lissafi: Wani abu da ba a ambata ba, sashen kuɗin hannu da bashin banki, mutane na tsallake shi don ba daɗin karatu. Ki nemo nawa za su biya cikin wata 12 da nawa ke hannunsu, da sharaɗin da banki ya gindaya. Wanda ya zo hannuna sharaɗin shi ne bashi kar ya wuce ninki 3.5 na EBITDA, wato ribar aiki kafin a cire kuɗin ruwa da haraji da raguwar darajar kadarori, su kuma suna 3.1. Ban ma sa kalmar a takardar ba, cewa na yi in ribar aikinsu ta ragu da kashi 11 zuwa 12 bashin yana nan yadda yake, banki na da damar neman kuɗinsa kafin lokaci. Kuma in kika ga ribar da suka ce sun gyara ta, ki nemi teburin da ya nuna me suka cire, in kuɗin sake fasalin kamfani na fitowa duk shekara to ba na lokaci ɗaya ba ne, ki ba shi ribar asali.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To ra'ayina fa, in sa ko in tsaya kan abin da suka faɗa?

Tsohon Odita: Ki sa, amma a ƙasa, layi biyu da sunanki, kar ya cakuɗe da maganarsu. Kowace lamba kuma ki liƙa mata shafin da kika samo ta don in an ƙure shi a mitin.

Anti Akanta: Malam ni kam ba na sawa. Takardar nan yawo take, gobe an tura wa wani sashen ko ma mai kawo kayan ya gani, a ce ke kika ce kamfaninsu na tangal-tangal. Tambayoyi uku nake rubutawa a ƙasa waɗanda oga zai yi musu, ra'ayina kuma da baki nake faɗa masa.

Baban Walid: namu ogan in ba ka rubuta masa a ci gaba ko a dakata ba dawo maka da ita zai yi wallahi

Maman 'Yan Biyu: Na sauko da na bara amma PDF ne kuma kamar hoto aka ɗauka, Compare ɗin ya ƙi karanta komai. Anti ya kike yi da irin wannan?